Taku 8,400 kilomita nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Agogon hannuna yana ƙirga mini taku kullum, jiya ya nuna 8,400. Agogon ya ce na yi kilomita 6.5, wayata kuma ta ce 5.3. Wanne zan yarda da shi, kuma ta yaya zan lissafa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda da ko ɗaya tukuna. Na'urar ba ta auna ƙasa, motsin jikinka take ji ta ƙirga, sannan ta ninka adadin da wani tsawon taku da ta ƙiyasta maka daga tsayin da ka shigar. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne a ninka tsayin mutum da 0.415 ga namiji, 0.413 ga mace. Mai tsayin santimita 175 sai a ba shi taku na kusan santimita 73. Amma mutum biyu masu tsayi ɗaya ba lallai su yi tafiya iri ɗaya ba, wani yana buɗe ƙafa, wani yana takawa kusa-kusa. Don haka sai ka auna naka.

Kafin awon, ka bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Taku ɗaya shi ne daga dunduniyar ƙafar dama zuwa inda dunduniyar hagu ta sauka. Akwai kuma awon da ake yi daga dunduniyar dama zuwa inda ita damar ta sake sauka, wannan taku biyu ne a haɗe. Agogonka guda-guda yake ƙirgawa, saboda haka tsawon taku ɗaya kake buƙata. A manhajoji za ka ga an rubuta Step length, wato taku ɗaya, ko Stride length, wato taku biyu a haɗe, kuma wasu suna sa Stride length alhali taku ɗaya suke nufi. Ka duba lambar da ke gurbin tun farko: in tana tsakanin santimita 60 da 80 ce, taku ɗaya ake nufi, in ta kai wajen 140, biyu ne. Wanda ya sa lambar taku biyu a gurbin taku ɗaya zai ga nisansa ya ninka.

Ka sami fili shimfiɗaɗɗe mai tauri, ka auna mita 50 da tef, ka ja layi a farko da ƙarshe. Mita 20 ma za ta yi in wuri ya yi ƙaranci, sai dai duk lokacin da tazarar ta gajarta, kuskuren taku guda yana ƙara nauyi a lissafin. Kada ka fara daga kan layin a tsaye. Ka koma baya kamar taku goma, ka taho da tafiyarka ta yau da kullum, sai ka fara ƙirga da zarar ka ƙetare layin, domin takun farko na wanda ya tashi daga tsaye gajeru ne. Ka sa takalmin da ka saba fita da shi. Abin da ya fi ɓata wannan awo shi ne mutum ya san ana auna shi, sai ya miƙe ƙirji ya riƙa buɗe ƙafa kamar mai fareti. Ka ɗaga kai ka kalli gaba, kada ka kalli ƙafarka.

Ka yi sau uku. A ce ka samu 70, 72 da 71. Matsakaicinsu 71 ne. Mita 50 santimita 5,000 ce, in ka raba da 71 za ka samu 70.4, wato kusan mita 0.70 kowane taku. Lissafin ke nan:

```
nisa (mita) = adadin taku × tsawon taku (mita)
8,400 × 0.70 = 5,880
```

Kilomita 5.9 ke nan, in da duk takun nan 8,400 da irin wannan tafiyar aka yi su. To, a nan gizo ke saƙar. Adadin yini guda ba tafiya ɗaya ba ce. A cikinsa akwai fitar da ka yi da niyyar motsa jiki, akwai kuma zirga-zirgar cikin gida da wurin aiki: daga kujera zuwa ƙofa, juyawa, kauce wa tebur, taku uku a tsaya. Waɗannan gajeru ne ƙwarai, kuma in ka ba su santimita 70 ka yi wa kanka kyautar nisan da ba ka taka ba.

Maganinsa ka raba adadin gida biyu. Ka duba lambar da ke agogon kafin ka fita tafiya, ka sake dubawa bayan ka dawo, ka debe. A ce kafin fita 1,900 ce, da ka dawo ta zama 6,900, tafiyar ta ci 5,000 ke nan, sauran 3,400 na kai-komo ne. Sai ka auna takun cikin gida daban, a baranda ko wani dogon ɗaki, da irin sanyin tafiyar da kake yi a nan. A ce ya fito santimita 50. Na waje 5,000 sau 0.70 ya ba da mita 3,500. Na gida 3,400 sau 0.50 ya ba da 1,700. Jimilla kilomita 5.2. Tsakanin wannan da 5.9 akwai mita 700 a rana guda, daga adadin taku iri ɗaya. Ni a ganina, in nisa kake son bibiya, ka rubuta na tafiyar niyya kawai a kilomita, sauran ka bar su a matsayin taku. Lambar da za ta fito ta fi ƙanƙanta, amma ita ce za ka iya kwatantawa mako zuwa mako.

Saura ƙirgen kansa. Ka taka 200 kana ƙirgawa da baki, ka duba abin da na'urar ta ƙara, amma ka ɗan jira, wasu sukan yi jinkiri kafin lambar ta motsa. In ta nuna 196 ko 203, ba komai. In ta nuna 180, tana zubar da kashi 10 cikin ɗari, sai ka duba yadda kake ɗauke da ita. Agogo yana dogara da lilon hannu, shi ya sa yake rage ƙirge in kana tura keken jarirai, ko ka riƙe kaya, ko hannunka yana aljihu. Yana kuma ƙara na bogi lokacin wanki, goge haƙora ko tafiya a mota kan hanya mai gargada. Waya kuwa ba ta san takun da ka yi ba tana ajiye a kan tebur, kuma a aljihun wando ta fi ƙirga daidai a kan cikin jaka mai lilo. Tafiyar hawainiya ma takan kuɓuce wa na'urori da yawa, saboda girgizar ba ta kai yadda za su ji ba. Ka zaɓi na'ura ɗaya ka tsaya a kanta.

Kada ka raina ɗan bambanci a awon. Kuskuren santimita 3 kacal a taku, in aka ninka da 10,000, mita 300 ne. Kuma tsawon takun ba ya zama wuri ɗaya: sauri yana tsawaita shi, hawan tudu, yashi, kaya mai nauyi da gajiya suna gajarta shi. In kana da tafiyar sauri da ta shaƙatawa, kowace ta sami nata awon.

In kana son tabbatarwa, filin tsere na ƙa'ida zagayensa mita 400 ne a layin ciki. Mai takun santimita 70.4 ya kamata ya zagaye shi da taku kusan 568. In ka ƙirga 600, takunka na gaskiya a doguwar tafiya ya fi kusa da santimita 67, sai ka ɗauki wannan ka shigar a manhajar, domin awon mita 400 ya fi na 50 inganci. Filin ƙwallo ba ya wannan aikin, tsawonsa yana bambanta daga fili zuwa fili. Ka sake awon bayan wata uku ko huɗu, ko in ka yi jinyar ƙafa, ko saurin tafiyarka ya canja.