Yanayi uku a jadawalin hasashen kuɗi: ta ina ake farawa?

Tambaya: Malam, an ce in fitar da yanayi mafi kyau, matsakaici da mafi muni a jadawalin hasashen kuɗin kamfaninmu. Ya wadatar in ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan kowace lamba, sannan in rage?

Amsa: Bai wadatar ba, domin aiki biyu ne a nan, kuma ɗaya ne ke share wa ɗaya fage. Na farko shi ne gwajin tasiri, inda ake taɓa lamba ɗaya tak a bar sauran yadda suke, don a gano wadda ta fi girgiza riba.

A ce kamfani yana sayar da kaya 10,000 a shekara, kowane a kan dala 50, yana kashe dala 30 wajen yin kowane, sannan yana da tsayayyen kashe kuɗi na dala 150,000, wato haya da albashi da makamantansu. Ribarsa dala 50,000 ce, kuma wannan shi ne yanayi matsakaici. Idan ciniki ya ragu da kashi 10, riba za ta sauka zuwa 30,000. Idan kuɗin yin kaya ya hau da kashi 10, za ta koma 20,000. Amma idan farashi ne ya faɗi da kashi 10, riba ta tafi ɗungurungum, domin duk abin da aka zabge daga farashi daga riba yake fita kai tsaye. Ke nan farashi ne ya cancanci dogon bincike.

Sai bayan haka ake gina yanayi, kuma kowane yanayi labari ne guda wanda lambobinsa dole su dace da juna. A mafi muni, kasuwa ta ja baya, abokan gasa sun karya farashi: ciniki ya koma 8,500, farashi 47, kuɗin yin kaya 31 saboda rangwamen sari ya ragu. Sakamakon asarar dala 14,000 ce. A mafi kyau kuwa, kada ka ɗaga ciniki ka bar tsayayyen kashe kuɗi a inda yake, tunda ƙarin kaya yakan buƙaci ƙarin ma'aikata. Nan ne masu hasashe da yawa suke yaudarar kansu.

A Excel, jera lambobin yanayin uku a ginshiƙai C, D da E, ka ware akwati ɗaya, B1, da za a rubuta 1, 2 ko 3 a ciki, sai kowane layi ya ɗauko lambar yanayin da aka zaɓa da lissafi irin wannan:

```
=CHOOSE($B$1,C5,D5,E5)
```

Idan ka sauya wannan akwati amma wani layi bai motsa ba alhali ya kamata, to an rubuta lambar da hannu a cikin lissafin. Ka kuma bi tsabar kuɗi wata-wata a yanayi mafi muni, domin waɗanda kake bi bashi sukan jinkirta biya a daidai lokacin da ciniki ya faɗi, kuma asusu na iya ƙarewa tun kafin asarar ta bayyana a lissafin ƙarshen shekara.