Hukuncin Sa Hoto da Sautin Intanet a Bidiyon Talla

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa 'yan kasuwa bidiyon talla a Kano, yawanci masu atamfa da turare, ina karɓar kamar naira 30,000 a kan kowane ɗaya. Hotunan da nake sawa ina ɗaukowa daga shafukan da ke sayar da hoto, in goge tambarin da ke kansu. Sautin da ke tashi a ƙarƙashi kuma wata manhajar AI ce ke haɗa mini kyauta. Wani ustazu ya ce mini babu haƙƙin mallaka a Musulunci, kuma masu shafukan ba Musulmi ba ne. Shin kuɗin da nake samu halal ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, ɗana.

Abin da hukuncin ya rataya a kansa shi ne cewa ana biyanka, kuma bidiyon na talla ne. Da a ce ka haɗa ne don koyon aiki ka bar shi a wayarka, da maganar sautin ta yi sauƙi. Amma manhajojin haɗa waƙa irin su Suno sun raba masu amfani da su gida biyu: wanda ke kan tsarin kyauta ba a ba shi izinin kasuwanci da abin da ya haɗa ba, wanda ya biya kuɗin wata shi aka ba. Ranar da ka buɗe asusu ka danna cewa ka yarda da sharuɗɗansu, ko ka karanta ko ba ka karanta ba, ka ɗauki alkawari, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kada ka ɗauka in ka biya yau izinin zai koma kan sautin da ka haɗa bara. Abin da aka saba shi ne izinin yana bin abin da aka haɗa a lokacin da ake biya.

Goge tambari kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Mai hoto ya sa alamar ne don ya ce "a biya kafin a ɗauka", kai kuma ka san haka, shi ya sa ka goge. Haramun ne.

Sai maganar ustazun. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, don haka kada ka raina shi. Magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya a kan abin da ake iya riƙewa a adana, kuma a kan haka wasu malaman zamani, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, suka ƙi yarda da haƙƙin wallafa. Hujjarsu ita ce wanda ya kwafa bai rage wa mai abu komai ba, kuma hana kwafa ɓoye ilimi ne. Sai dai mu a mazhabar Malik, haka ma Shafi'i da Ahmad, amfanin abu dukiya ne, ana sayar da shi, ana biyan diyyarsa. Haya gaba ɗayanta a kan haka ta ginu. Wanda ya kwana wata guda a shagonka ba da izininka ba bai ɗauke bulo ko ɗaya ba, amma wa zai ce bai ci haƙƙinka ba? Mai ɗaukar hoto ya sayi kyamara, ya biya wanda ya tsaya aka ɗauka, ya zauna ya gyara, kuma abin da yake ci da shi shi ne kuɗin izinin nan da ka tsallake. Cewa ba a rage masa komai ba magana ce ta wanda bai duba inda abincinsa yake fitowa ba.

Hadisin da ya yi gargaɗi kan ɓoye ilimi kuma yana magana ne a kan wanda aka tambaya abin da mutane ke bukata ya ƙi faɗa. Mai hoton bai ɓoye komai ba, ya baje kayansa ya sa farashi. Ina kuma ilimin da ke cikin hoton kwalbar turare? Annabi (SAW) ya halatta karɓar lada a kan Littafin Allah kansa, kamar yadda ya zo a Bukhari, balle hoto. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira shari'a ta kare su, ba ya halatta a keta su. Mufti Taqi Usmani, ɗan Mufti Shafi na cikinsa, shi ma ya tafi a kan halaccin wannan haƙƙi. Ga kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda ba ta umarce ka da saɓon Allah ba. Zancen cewa ba Musulmi ba ne shi ya fi rauni: dukiyar wanda ba ya yaƙi da kai tana da alfarma, kuma masu ɗora hotuna a shafukan nan ɗaiɗaikun mutane ne daga ko'ina, har da Musulmi 'yan'uwanka.

Game da kuɗin da ka riga ka karɓa, ladan aikinka ne na yanka da haɗawa, ban ce ka zubar ba. Amma kuɗin izinin kowane hoto ya zama bashi a kanka. Ka koma shafin ka sayi lasisin waɗanda har yanzu suke yawo a talla. Wanda ba ka iya saya ba ka cire shi ka sa wani, ka tura wa mai shagon sabon bidiyon, ka nemi gafarar Allah.

Nan gaba akwai shafuka irin su Pexels da Pixabay da suka ba da izinin kasuwanci kyauta. A wasu wuraren ka duba rubutun da ke jikin hoton. CC0 ka yi yadda kake so. CC BY dole ka ambaci sunan mai shi. Duk inda ka ga NC ko Editorial use only, ba na talla ba ne. Ka riƙa adana hoton shafin izinin tare da kwanan wata, domin sharuɗɗa suna canzawa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna: Alhajin da ya ba ka aiki. Ya biya yana zaton ya sayi abu mai tsabta. In aka kai ƙara, shafinsa za a toshe wa bidiyo, ba naka ba. A YouTube, tsarin Content ID, mai gano sautin da ke da mai shi a cikin bidiyo, yana iya karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai sautin, gargaɗi uku na keta haƙƙi kuma suna iya jawo rufe tasha. Ɓoye masa wannan algus ne. Haka nan kada ka ce masa sautin AI nasa ne shi kaɗai, domin ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ma bai yarda da mallakar abin da na'ura ta haɗa ba tare da aikin ɗan Adam ba, kuma manhajar tana iya ba wani mai kama da shi. Shirun da YouTube ta yi a kan bidiyonka kuma ba fatawa ba ce.

Izinin mai abu ba ya halatta abin da shari'a ta hana. Hoton mace da ba ta suturta jikinta ba, ko ka biya, bai halatta ka tallata atamfa da shi ba, kuma kada ka sa fuskar mutum a talla kamar shi ne ya yabi kayan. Kayan kiɗa kuwa ka san jumhur sun hana su, kuma fitowarsu daga na'ura ba ta canza abin da kunne ke ji ba. Shawarata ka koma ga muryarka da sautin kasuwar kanta. Ka je Kantin Kwari da wayarka, ka nemi izinin mai shago, ka ɗauki hoton kayansa na gaske da ƙarar atamfa ana warware ta. Wannan naka ne, kuma mai saye zai ga ainihin abin da zai biya.

Wallahu a'alam.