Me Ya Sa Tura Kuɗi Ta Arbitrum Ya Fi Ethereum Araha?

Tambaya: Malam, na je tura USDC, kuɗin kirifto mai darajar dalar Amurka, na dala 20 ta Ethereum, sai walat ta nuna kuɗin gas, wato ladan turawa, kusan dala 4. Abokina ya bi ta Arbitrum, ko senti 5 bai biya ba. Ina sirrin yake, kuma babu haɗari?

Amsa: Ɗan'uwa, wurin rubuta ciniki ne ke tsada a Ethereum. Tura USDC yana cin gas wajen 60,000. Ana biyan sa da ETH, kuɗin Ethereum, kuma gwei biliyan ɗaya ne ETH ɗaya. Mu ƙaddara farashin kowane gas ɗaya gwei 20 ne, ETH kuma dala 3,000. Lissafin zai ba ka ETH 0.0012, wato dala 3.60, kuma kai kaɗai za ka biya, tamkar wanda ya ɗauki shatar mota.

Arbitrum One, Base da OP Mainnet hanyoyi ne na mataki na biyu, irin waɗanda ake kira rolof. A can wata na'ura, sikwensa, ita ke karɓar cinikin jama'a, ta jera su, a aiwatar da su a wajen Ethereum. Daga nan ta matse bayanansu wuri guda, ta aika wa Ethereum a dunƙule. Idan ajiye dunƙulen ya ci dala 20, misali, kuma ciniki 2,000 ne a ciki, kason kowa senti 1 ke nan, sai ɗan ladan aikin rolof ɗin. Arahar ta ƙaru tun gyaran Dencun da aka yi wa Ethereum a Maris 2024, da aka ware wa waɗannan bayanai ma'ajiya ta musamman mai nata farashin, wadda ake sharewa bayan kwana 18 ko kusa da haka.

Haɗarin da na fi jiye maka yana wajen turawa. Adireshinka mai farawa da 0x iri ɗaya ne a Ethereum da Arbitrum, don haka walat ba za ta tsayar da kai ba. In ka tura wa kasuwar kirifto da ba ta karɓar USDC ta Arbitrum One, cinikin zai nuna ya kammala, amma kuɗin ba za su bayyana a asusunka ba, dawo da su kuma sai yadda kamfanin ya ga dama. Ka buɗe shafin Deposit na mai karɓa, ka tabbata Arbitrum One na cikin jerin Network, sannan ka gwada da dala 1 tukuna.

Ka kuma ajiye ɗan ETH a kan Arbitrum ɗin kanta. Wanda ke Ethereum ba ya biyan gas a can, in babu shi sai ka ga USDC a walat amma ba ya motsi.

Maido da kuɗi Ethereum ta gadar Arbitrum ta asali yana ɗaukar kimanin kwana 7. Ba matsala ba ce, wa'adi ne da aka bari don a ƙalubalanci sakamakon ƙarya kafin ya tabbata. Kai da dala 20 ce a hannunka, kada ma ka bi ta nan, domin a ƙarshe sai ka sake biyan gas na Ethereum kafin ka karɓa.