Layi na miƙe muke aunawa daga Gusau zuwa Kauran Namoda?

"A aikin gidan ɗiyata an ce ma'aunin taswira 1:500,000 ne, a nemo nisan titi daga Gusau zuwa Kauran Namoda. Mun ɗora rula, malami ya ce ba daidai ba. Ina muka kuskure?"

'Yar'uwa, rular ce ta cuce ku. Titi aka tambaya, shi ko titi lanƙwasa gare shi. Ki samu zare ki kwantar da shi bisa layin titin, ki bi duk kwana da ɗan yatsa, ki yi alama da biro inda ya kai garin, sannan ki miƙe shi a jikin rula. A wannan ma'auni, santimita 1 na nufin santimita 500,000 a ƙasa, wato kilomita 5. In zaren ya ba ki santimita 11, kin samu kilomita 55 ke nan.

Sai dai ki duba ko takardar kwafi ce aka rage mata girma wajen mai hoto. Ya taɓa faruwa da ɗana, duk lissafinmu ya zube. In haka ne, ki rabu da alƙaluman, ki gwada zaren a kan ɗan layin ma'auni da ke ƙasan taswirar, don shi tare suka ƙanƙance.