Na sa hannu, yaro ya cike kalmomin: akwai haɗari a wannan?

Tambaya: Malam, ina sayar da siminti da rodi a Gusau. Turancina bai yi ƙarfi ba, shi ya sa idan zan biya dila nakan rubuta kuɗin da lamba a cak, in sa hannu, in bar wa yaron shago ya cike layin da ake rubutawa da kalmomi. Kwanan nan an yi rigima a layinmu kan wani rasiɗi da aka ƙara wa kuɗi, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Tunda sa hannuna ne banki ke dubawa, akwai abin da zai same ni? Kuma yaya ake rubutawa yadda ba za a iya canzawa ba?

Amsa: Alhaji, daga yau ka daina. Sa hannu shi ne abu na ƙarshe da ake yi a kan cak, bayan an cike kowane layi kuma ka karanta da idonka.

Wannan tunani na cewa lamba ita ce kuɗin, kalmomi kuwa ado ne, shi ne abin da na fi cin karo da shi a wurin 'yan kasuwa, kuma shi ne ya fi ba ni haushi, domin doka akasin haka ta ce. Dokar takardun kuɗi da Najeriya ta gada daga dokar Ingila ta 1882 ta faɗa a sashe na 9 cewa idan aka rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi, sai suka saɓa, abin da ke cikin kalmomi shi ne kuɗin da za a biya. A aikace kashiya yakan dawo da irin wannan cakin ne, ya ce lamba da kalmomi ba su dace ba, amma hukuncin dai ke nan. Ashe layin da kake barin yaro ya cike shi ne mai nauyi, kai kuma ka riƙe marar nauyin.

Sa hannu yana shaida abu ɗaya ne kawai, cewa kai ka ba da umarni. Bai faɗi nawa ba ne. Kashiya zai gwada shi da wanda ka ajiye a banki, ya ga ya yi daidai, ya duba lamba da kalmomi ya ga sun dace, ya biya. Ba shi da hanyar sanin wane rubutu aka yi a gabanka, wane kuma aka yi bayan ka juya baya.

An yi shari'ar wannan tun 1918 a kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani, tsakanin London Joint Stock Bank da kamfanin Macmillan da Arthur, kuma har yau ana karantar da ita a darasin dokar banki. Akawun kamfanin ya kawo wa ɗaya daga cikin masu kamfanin cak na ƙananan hidimomi, an rubuta fam 2 da lamba, layin kalmomi babu komai. Maigidan ya sa hannu. Akawu ya koma gefe ya sa 1 a gaban 2 ɗin, ya sa 0 a bayansa, ya zama 120, sannan ya rubuta fam ɗari da ashirin a layin da aka bari, ya je ya karɓi kuɗin ya gudu. Kamfani ya ce banki ne zai ɗauki asarar. Kotu ta ce a'a, mai asusu yana da nauyin rubuta cakinsa yadda ba zai sauƙaƙa wa maha'inci ba, don haka asarar tasa ce. Ka duba da kyau, abin da wancan maigidan ya yi shi ne abin da kake yi duk mako.

Kada kuma wani ya rarrashe ka da cewa ai banki zai kira ka kafin ya biya. Kiran tabbatarwa ya danganta da yawan kuɗin da kuma yarjejeniyar da ke kan asusunka, ba kowane cak ake kira a kai ba. Haka masu cewa a yi amfani da jan biro, ko a buga hatimin shago sau biyu, wai shi ne kariya. Hatimi ba ya cike gurbin da aka bari. Sannan akwai masu zama kusa da ƙofar banki suna cike wa mutane takardu. Wanda ba ka san sunan ubansa ba ka miƙa masa cak mai sa hannunka, idan abu ya faru wa za ka kama? Ba ina cewa yaronka ɓarawo ne ba. Amma cak yana wuce hannaye da yawa kafin ya isa kantar banki, kuma idan yaron ya manta bai cike ba, duk wanda ya karɓa shi zai cike.

Yanzu ga yadda ake yi. Ka raba lambar uku-uku daga hannun dama, ka karanta kowane rukuni tare da sunansa. Ɗauki ₦2,308,050. Rukunin farko 2, miliyan biyu. Na biyu 308, dubu ɗari uku da takwas. Na uku 050, naira hamsin. A rasiɗi da Hausa sai ka rubuta: naira miliyan biyu, da dubu ɗari uku da dubu takwas, da naira hamsin kacal. A cak kuwa, inda aka saba da Turanci, zai zama Two Million, Three Hundred and Eight Thousand, Fifty Naira Only. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne sifili. ₦1,050,000 miliyan ɗaya ne da dubu hamsin, ₦1,500,000 kuwa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar. Tsakaninsu akwai dubu ɗari huɗu da dubu hamsin, kuma a rubutun gaggawa ido ba ya rabe su.

Kowane harshe da ƙofar da ake shigar masa. A Turanci haɗarin yana gaba. Idan ka rubuta Forty-Five Thousand ka fara daga tsakiyar layi, mutum zai sa Nine Hundred and a gurbin da ka bari, ya sa 9 tsakanin alamar naira da 45,000, kuɗin ya koma 945,000. Akwai kuma ƙaramar ƙofa a cikin kalmomin kansu: Eight harafi ɗaya take buƙata ta zama Eighty, Six da Seven da Nine harafi biyu. Dubu takwas ta koma dubu tamanin da ƙarin harafi guda da sifili guda. Maganinsa shi ne ka fara rubutu manne da bakin layi na hagu, ka matse kalmomin yadda harafi ba zai shiga tsakaninsu ba, ka rufe da Only, ka ja layi miƙaƙƙe har ƙarshen wurin da ya rage. A akwatin lamba ka manna lambar farko da alamar naira, ka rufe da .00 ko kobon da ke akwai.

A Hausa kuwa ƙofar tana baya, kuma wannan ba a cika gaya wa mutane ba. Mu sunan rukuni muke fara faɗa, adadi ya biyo baya. Ka rubuta naira dubu ɗari ka tsaya, wani ya zo ya ƙara kalma guda, tara, ya naɗa wa 1 kai ya zama 9, shi ke nan ₦100,000 ta zama ₦900,000 ba tare da an goge ko ɗigo ba. Dubu ashirin takan karɓi "da tara", sifili kuma ba ya wuyar komawa 9. Dubu goma takan karɓi "sha shida". Don haka a rasiɗi kada ka taɓa rubuta ɗari ita kaɗai, ka ce dubu ɗari ɗaya, ka liƙa mata kacal nan take, ka ja layi.

Sai kuma maganar baki da ake ɗauka a zuba a takarda. A kasuwa idan aka ce dubu ɗari da hamsin kowa ya gane 150,000 ake nufi, amma a gaban alƙali mai neman rigima zai ce shi 100,050 ya fahimta. Ka maimaita sunan rukunin: naira dubu ɗari ɗaya da dubu hamsin kacal. Kada ka rubuta "da rabi", kada ka rubuta "ba ɗaya". Idan kana ciniki da mutanen Maraɗi, ka ambaci sunan kuɗin ƙarara, naira ko sefa, kuma kada jaka ta shiga rasiɗi, domin jakar Nijar sefa dubu ce, a Najeriya kuwa tsofaffi naira ɗari biyu suka sani.

Rasiɗi yana da nasa ciwon daban, tunda shi ba kashiyan da zai duba shi. Ɗan aike yakan ƙara kuɗi a kan wanda zai kai wa maigidansa, mai bashi yakan ƙara a kan abin da ya biya, yaron shago kuma yakan zare kabon ya rubuta wa mai saye gaskiya, ya dawo ya rubuta ƙasa da haka a kofin da ke littafi. Ka tabbatar an rubuta na sama da na ƙasa a lokaci ɗaya, kuma wanda ya karɓa ya sa hannu tun kabon yana ciki. Idan ana gardama, ka ɗora na sama a kan kofin ka ɗaga su wajen haske. Rubutun da aka yi tare zai hau kan juna daidai. Abin da aka ƙara daga baya zai fito shi kaɗai, sau da yawa a matse, ko launin biron ya ɗan bambanta.

Na san abin da ke hana mutane wannan tsantseni shi ne kunya, kar a ce ba ka yarda da mutum ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta kuma hana a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Wanda ya ji haushi don ka cike takardarka da kyau, ka bar shi da haushinsa.

Batun Turancinka ba matsala ba ce. Yaron ya ci gaba da rubutawa, amma a gabanka, kafin ka sa hannu. Kalmomin da ake buƙata ba su wuce talatin da 'yan kai ba, daga ɗaya zuwa sha tara, sai gomomi, sai ɗari da dubu da miliyan. A rubuta maka su a kwali tare da lambobinsu ka ajiye cikin littafin cak, kana gwadawa kalma-kalma. Ka rubuta kuɗin da sunan mai karɓa a gindin cakin da ke zama wurinka, ka ɗauki hotonsa da waya. Idan an yi kuskure kada a goge, kada a shafa farin ruwan nan, kada a maimaita biro a kan lamba. Ka ja layi biyu a kan takardar, ka rubuta an soke, ka ajiye ta, ka buɗe sabuwa. Cakunan da ka riga ka bayar ta tsohuwar hanya kuma, ka karɓi bayanin asusunka na watanni shidan da suka wuce ka gwada kowanne da gindinsa. Wanda ba a kai banki ba tukuna, ka kira mai shi ya turo maka hotonsa ka ga abin da aka cike.