Barkwancin tuwo a cikin babbar riga

"Yaya, daren jiya na ba da labari a teburin mai shayi, ko mutum ɗaya bai dara ba. Na ce wani marowaci yana cin tuwo sai baƙo ya yi sallama, ya tura kwanon cikin babbar riga, tururi yana fita, baƙon ya tambaya, ya ce wai ba shi da lafiya jikinsa ne ya yi zafi, alhali tuwon ya ɓoye saboda rowa. Ina matsalar?"

To ƙanena, na saurara, kuma wallahi labarin nan yana da kyau, ƙarshensa ne ya yi lami. Ka tuna fuskokinsu. Na tabbata sun fara murmushi a wurin tururin nan, sannan suka zuba maka ido suna jira. In ka gama labari wani ya ce "sai aka yi yaya?", to wutsiyar ce ba ta sauka ba.

Babban abin da ya kashe shi, bayanin da ka ƙara: "alhali tuwon ya ɓoye saboda rowa". Ai sun sani, a gabansu ya ɓoye! Mutum yana dariya ne lokacin da ya gano abu da kansa. Da ka fassara masa, ka ƙwace masa daɗin. Cire wannan gaba ɗaya. Ko "marowaci" na farkon ma cire shi, ka ce "wani mutum", kwanon zai faɗi halinsa.

Sannan "wai" ɗin nan. Kada ka ba da rahoto, bar su su yi magana da bakinsu, kuma a gajarce. Ji yadda zan faɗe shi.

Wani mutum an sauke masa tuwon dawa da miyar kuka, zai kai loma ke nan sai ya ji sallama. Wuf, ya tura kwanon cikin babbar riga. Baƙo ya zauna, aka gaisa, ya gida, ya damina. Can sai ga tururi ta wuyan riga. Baƙo ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Zazzaɓi." Baƙo ya ɗan shaƙi iska, ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Amma zazzaɓin nan ya ji daddawa."

Ka ga na ba baƙon maganar ƙarshe, don shi ne a madadin masu sauraro: ya gane, amma kunya ta hana shi tona asiri kai tsaye. Kuma ka lura, daddawa ce kalmar ƙarshe. In ka ce "daddawa nake ji a zazzaɓin nan naka", ka saki abin dariyar da wuri, sauran kalmomin su danne shi.

Bayan "Allah ya sawwaƙe" ka ɗan tsaya, numfashi ɗaya, fuskarka a ɗaure kamar mai jaje da gaske. Da ka ce daddawa, yi shiru, kada ka riga su dariya. Sai dai fa waɗanda suka ji na jiya sun san hanyar, ka gwada shi ran Juma'a a kasuwar Wudil, wurin waɗanda ba su taɓa ji ba.