An sace kwamfutar asibitinmu, wa ya kamata mu sanar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da ofis a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kano. Ranar Juma'a da yamma aka sace mana kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗakin gwaji a cikin adaidaita, kuma tana ɗauke da sakamakon marasa lafiya wajen 600. Mun kai rahoto ga 'yan sanda, mai asibitin ya ce magana ta ƙare. Akwai wata hukuma da dole mu sanar? In akwai, me za mu rubuta mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Magana ba ta ƙare ba. 'Yan sanda aikinsu neman kwamfutar da ɓarawon, amma abin da ke cikinta yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ita ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, mai hedikwata a Abuja. Sashe na 40 na dokar ya ba ku awa 72 ku sanar da hukumar, daga lokacin da kuka san abin ya faru. Awa dokar ta ce, ba ta ce ranakun aiki ba. In ƙarfe biyar na yammacin Juma'a labari ya iso muku, to ƙarfe biyar na yammacin Litinin wa'adi ya cika, Asabar da Lahadi duk suna cikin lissafi.

Ba kowane kuskure ake kai wa hukumar ba. Ma'aunin da dokar ta sa shi ne ko akwai yiwuwar abin ya jefa haƙƙin mutanen da bayanan suka shafa cikin haɗari. Wannan ma'aunin ne ke rikita mutane, domin mai asibiti asararsa yake lissafawa, kuɗin kwamfuta da sunan asibiti, alhali dokar majinyaci take kallo. Don haka ka ajiye maganar asibiti gefe, ka tambayi kanka: in wannan fayil ya faɗa hannun wanda bai dace ba, me zai sami mutumin da sunansa ke ciki?

Abu na farko da za ka bincika shi ne ko ɓarawon zai iya karanta bayanan. Za a ce maka ai kwamfutar tana da kalmar sirri. Kalmar sirrin shiga Windows kamar kwaɗo ne a ƙofar ɗakin da tagarsa ke buɗe: duk mai gyaran kwamfuta zai iya cire faifan ciki, ya jona shi da wata na'ura, ya karanta komai. Abin da ke hana haka shi ne a ce an damalmala bayanan faifan gaba ɗaya yadda ba sa karantuwa sai da mabuɗi, kamar yadda manhajar BitLocker ta Windows ke yi. Ka tambayi wanda ya saita muku kwamfutar. In ya kunna BitLocker, akwai mabuɗin ceto mai jerin lambobi 48 da ya kamata a ce an adana a takarda ko a asusun Microsoft, sai ya nuna maka. In ya fara kame-kame, ɗauka ba a kunna ba. Dokar ta yarda a yi la'akari da irin wannan kariya wajen auna haɗari, saboda haka kwamfutar da aka kulle da gaske, mabuɗinta bai tafi tare da ita ba, kuma kuna da kwafin bayanan a wani wuri, tana iya zama abin da za ku rubuta a kundinku kawai ba tare da kun sanar ba.

Na biyu shi ne irin bayanan. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin rukunin masu matuƙar sirri. Jerin sunaye da lambobin waya kaɗai ma yana da amfani ga ɗan damfara, balle a ce gaban kowane suna an rubuta sakamakon gwajin ƙanjamau, ko ciwon hanta, ko na ciki, ko gwajin jini na kafin aure. Kai ma ka san abin da takarda ɗaya irin wannan za ta iya yi wa auren mutum ko aikinsa a unguwa. A ganina, in faifan ba a kulle yake ba, lamarinku ya wuce haɗari ya kai babban haɗari, kuma a nan dokar ta ƙara muku wani nauyi: ku sanar da su kansu marasa lafiyan nan take, da harshe mai sauƙi, tare da shawarar abin da za su yi don kare kansu. Wanda Hausa yake ji, da Hausa za a yi masa bayani. Ku dai kula da saƙon tes, domin waya ɗaya kan zaga hannu da yawa a gida. Kada saƙon ya ambaci irin gwajin, ya isa a ce asibiti na son magana da shi, ga lambar da zai kira. In kai wa ga kowa ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba, dokar ta yarda a yi sanarwa ta kafar da jama'a suka saba bi, kamar rediyo.

Ita takardar hukumar ba doguwa ba ce. Ku fara da abin da ya faru, tsurarsa: ranar da aka sace, a ina, da lokacin da asibiti ya sani. Sai su waye abin ya shafa da kimanin yawansu, da irin bayanan da kimanin yawansu. Waɗannan lambobi biyu ne daban, domin mutum 600 na iya samun sakamako sama da dubu in wasu sun yi gwaji fiye da sau ɗaya. Jimla irin wannan ake so: marasa lafiya kimanin 600, da sunayensu da shekarunsu da lambobin wayarsu da sakamakon gwaji, a fayil ɗin Excel, a faifan da ba a kulle ba. Bayan haka ku faɗi illar da kuke ganin za ta iya biyo baya, kamar tonon asiri, tsangwama, ko a kira mutum da sunan asibiti a damfare shi. Sannan matakan da kuka ɗauka da waɗanda za ku ɗauka: rahoton 'yan sanda, sauya kalmomin sirrin imel da duk asusun da ke buɗe a kwamfutar, kulle sauran na'urori, da yadda kuke sanar da marasa lafiya. A ƙarshe suna da lambar mutum guda da za a tuntuɓa, wanda zai ɗauki waya in an kira. Kada ku haɗa da jerin sunayen marasa lafiyan, hukumar adadi da rukuni take nema.

Inda aka fi makara shi ne jiran a gama bincike. Ba sai kun san komai ba. Dokar ta yarda a kawo bayani kashi-kashi, don haka ku aika abin da kuka tabbatar cikin wa'adi, ku ce saura na tafe. In wa'adin ya riga ya wuce kafin ka karanta wannan, ku aika yau, ku faɗi dalilin jinkirin yadda yake.

In mai asibitin ya turje, nuna masa lissafin. Tarar da dokar ta tanada na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga waɗanda aka sa a sahun manyan masu riƙe da bayanai, miliyan 10 ne a madadin miliyan 2.

Ka kuma buɗe kundi tun yau, domin dokar ta wajabta rubuta kowane irin wannan lamari, har wanda ba a kai wa hukuma ba. A ce ma'aikaciya ta tura takardar lokacin ganin likita ga wata abokiyar aikinta bisa kuskure, aka goge nan take: wannan a kundi zai tsaya. Ka rubuta abin da ya faru, illarsa, gyaran da aka yi, da dalilin da ya sa kuka yanke cewa bai kai a sanar ba, da kwanan wata da sunan wanda ya yanke.